Yadda ake haɗa gajeren feftayid daki-daki: misalin Gly-Phe-Leu

Ɗalibin kemistiri da ke aikin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, yakan iya zana haɗin feftayid a allo ba tare da ya duba littafi ba: kaboksil na amino asid ɗaya ya haɗu da amin na wani, ruwa ya fita, a samu –CO–NH–. Zanen gaskiya ne, amma a kan tebur aikin ba ya tafiya haka. In ka zuba amino asid biyu a kwalba ka motsa, asid zai miƙa wa amin furoton ne kawai, su zauna a matsayin gishiri, ba wani haɗi. In kuma ka tilasta musu da sinadarin haɗawa ba tare da ka kulle komai ba, kowannensu yana da amin yana da asid, don haka kowa zai kama wanda ya samu. Amino asid biyu za su ba ka feftayid mai gaɓa biyu har iri 4. Uku kuwa za su iya jeruwa iri 27 a gaɓa uku, kuma ɗaya kaɗai kake nema.

Wannan jagora zai bi feftayid guda daga farko har ƙarshe, wato H-Gly-Phe-Leu-OH: gilaisin, fenilalanin da lusin. Shi ne gaɓoɓi ukun ƙarshe na enkefalin mai lusin, wani feftayid na ƙwaƙwalwa mai jerin Tyr-Gly-Gly-Phe-Leu, wanda Hughes da Kosterlitz da abokan aikinsu suka gano a Aberdeen a 1975. Na zaɓe shi ne saboda babu ɗaya daga cikin ukun da reshensa yake buƙatar kariya, don haka hankalinmu zai tsaya a kan kawuna biyu da kuma jerin haɗawa. Za mu yi aikin ne a cikin ruwan narkarwa da kwalabe na yau da kullum, ba a kan ƙwayoyin roba irin hanyar da Merrifield ya fito da ita a 1963 ba, don kayan hanyar kwalba sun fi sauƙin samu a wurinmu.

Daga wane kai za a fara

Ana rubuta feftayid daga kan amin a hagu zuwa kan asid a dama. Amma ginawa daga dama ake farawa. Lusin ne tubalin farko, a ɗora masa fenilalanin, sannan gilaisin ya zo a ƙarshe. Wannan shi ne shawara mafi nauyi a duk aikin, kuma ya kamata ka san dalilinta da kyau kafin ka auna ko da giram ɗaya.

Ban da gilaisin, kowane amino asid na furotin yana da siffa biyu, L da D, kamar hannun dama da na hagu, kuma L muke so. Kafin a yi haɗi dole a zaburar da kaboksil, wato a liƙa masa rukunin da zai fice cikin sauƙi idan amin ya kawo hari. Matsalar ita ce zaburarren kaboksil ba amin kaɗai yake jira ba. Idan naitirojin na wannan amino asid ɗin yana cikin haɗin amayid da wani amino asid a bayansa, oksijin na wancan amayid yakan lanƙwaso ya kai wa zaburarren kabon hari, a samu zobe mai kusurwa biyar da ake kira okzazolon. A cikin zoben nan, haidurojin da ke kan kabon alfa yakan yi sako-sako. Ɗan alkali kaɗan ya isa ya cire shi, kuma in zai dawo yana iya dawowa ta kowace fuska. Daga nan wani kaso na L ya koma D.

Ka ɗauka mun fara daga hagu. Mun haɗa Boc-Gly-Phe-OH, inda Boc yake kulle amin na gilaisin, yanzu muna so mu zaburar da kaboksil na fenilalanin don ya kama lusin. Naitirojin na fenilalanin yana cikin amayid da gilaisin, don haka ƙofar okzazolon a buɗe take. Abin da zai fito gauraye ne na Gly-Phe-Leu da ɗan'uwansa mai D-Phe. Nauyinsu ɗaya, a farantin TLC sau da yawa tabo ɗaya suke bayarwa, kuma raba su aiki ne ja.

Idan muka fara daga dama, abin da ake zaburarwa a kowane mataki amino asid ne guda wanda aka kulle amin ɗinsa da kabamet, irin Boc. Kabamet ba ya saurin naɗe zoben nan kamar yadda amayid yake yi, shi ya sa siffar L take tsira. Feftayid ɗin da ke girma kuwa kullum amin yake kawowa, ba a taɓa zaburar da asid ɗinsa. Don haka tsarinmu shi ne:

```
Boc-Phe-OH + H-Leu-OMe      → Boc-Phe-Leu-OMe
Boc-Phe-Leu-OMe + TFA       → H-Phe-Leu-OMe·TFA
Boc-Gly-OH + H-Phe-Leu-OMe  → Boc-Gly-Phe-Leu-OMe
Boc-Gly-Phe-Leu-OMe + LiOH, sannan TFA                   → H-Gly-Phe-Leu-OH
```

Zaɓen kariya biyu da ba sa faɗuwa tare

Kariyar amin ta wucin gadi ce, ana cire ta bayan kowane haɗi. Kariyar asid na lusin kuwa dole ta zauna daram har ƙarshen aiki. Saboda haka abin da yake cire ta farko bai kamata ya taɓa ta biyu ba.

Kariyar amin da aka fi sani uku ce. Cbz, wanda Bergmann da Zervas suka kawo a 1932, yana fita da iskar haidurojin a kan faladiyam. Boc yana fita da asid mai ƙarfi kamar TFA. Fmoc yana fita da alkali, galibi fifaridin. A ɓangaren asid kuma esta ake yi: esta ta metil tana fita da alkali a ruwa, ta benzil da haidurojin, ta tBu da asid. Daga nan za ka ga cewa Boc da esta ta tBu ba sa zama tare a wannan aiki, domin TFA na farko zai kwashe su duka biyun, a bar ka da feftayid mai kawuna biyu a buɗe. Haka Cbz da esta ta benzil. Boc da esta ta metil kuwa sun dace: TFA ba ya taɓa OMe a zafin ɗaki, alkali mai sanyi kuma ba ya taɓa Boc. Ni na fi son wannan haɗin ga mai farawa, don ba ya buƙatar tukunyar haidurojin.

Boc-Phe-OH da Boc-Gly-OH ana sayensu a shirye, kuma in akwai hali gara a saya. In babu, ana narkar da amino asid a ruwa da dayokzen tare da NaOH, a zuba Boc₂O kaɗan fiye da awo ɗaya, wato mol ɗaya ga kowane mol na amino asid, a bar shi ya kwana. Kada ka tsorata in ka tarar da Boc₂O ya zama ruwa a kwalbarsa. Yana narkewa ne a wajen digiri 23, kuma ɗakunanmu a Zariya sun wuce haka a yawancin shekara. A firji ya kamata ya zauna, murfinsa a ɗaure.

Esta ta lusin mai sauƙi ce. Ka sa mililita 30 na busasshen metanol a kan ƙanƙara, ka ɗiga SOCl₂ mililita 1.1 a hankali a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, sannan ka zuba lusin giram 1.31, wato milimol 10. A tafasa da na'urar mayar da tururi na awa uku zuwa huɗu, a janye metanol, a wanke farin garin da dayetil ita mai sanyi. Abin da ka samu H-Leu-OMe·HCl ne, gishiri. A gishirin za ka ajiye shi, don sakakken amin ɗin ba ya daɗewa bai fara cin kansa ba.

Haɗi na farko, a milimol 5

Sinadarin zaburarwa da za mu yi amfani da shi EDC·HCl ne. Danginsa DCC, wanda Sheehan da Hess suka shigo da shi a 1955, ya fi araha, amma yuriyar da yake bari ba ta narkewa sosai, ana tacewa tana sake fitowa, kuma yana sa wa fata ƙaiƙayi mai dawowa. Yuriyar EDC kuwa ruwa ke wanke ta.

EDC shi kaɗai yana da aibi. Abin da yake fara samarwa da asid yana da zafin nama ƙwarai, kuma in amin ya yi jinkiri, yakan sake tsari ya zama matacciyar yuriya mai ɗauke da amino asid ɗinka, wadda ba za ta ƙara haɗuwa da komai ba. Shi ya sa ake ƙara HOBt, dabarar König da Geiger ta 1970. HOBt yana cafke zaburarren asid nan take ya mayar da shi esta mai natsuwa wadda za ta jira amin, kuma yana rage juyewar siffa. Mai ɗauke da ruwa, HOBt·H₂O, ake aiki da shi. Busasshensa yana iya fashewa, don haka kada a gasa shi da sunan busarwa.

Ka narkar da Boc-Phe-OH giram 1.33 da HOBt·H₂O giram 0.84 a DCM mililita 25. In HOBt ya ƙi narkewa, ƙara DMF mililita biyu ko uku. Ka sa kwalbar a kan ƙanƙara har ta yi sanyi sosai, sannan ka zuba EDC·HCl giram 1.05, ka motsa na minti goma zuwa goma sha biyar. Bayan haka sai H-Leu-OMe·HCl giram 0.91, a bi shi da DIPEA mililita 0.96 ɗigo-ɗigo. Aikin DIPEA shi ne ya ƙwace HCl ya saki amin. Awo ɗaya da ɗan ɗori ya isa. Yawan alkali ba ya ƙara sauri yadda mutane suke zato, juyewar siffa yake ƙarawa. Ka taɓa ɗigon haɗin a jiƙaƙƙiyar takardar pH, in ta nuna wajen 8 ka tsaya.

A bar shi awa ɗaya a kan ƙanƙara, sannan ya kwana a zafin ɗaki. A nan yanayin garinmu yana da ta cewa. DCM yana tafasa a digiri 40, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin rana a Zariya yana kusantar haka. Kwalbar da aka bari da sako-sakon murfi kusa da taga za ta wayi gari a ƙafe, saura danƙo. A sa ta a cikin kwanon ruwa a inuwa. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba: EDC·HCl yana shan danshi ya lalace, don haka in an fito da shi daga firiza a bari kwalbar ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a ciki. Garin da ya dunƙule ya yi danƙo ya riga ya rasa ƙarfinsa. In wuta ta ɗauke cikin dare injin motsawa ya tsaya, ba asara ba ce matuƙar komai a narke yake. Haɗin zai ci gaba.

Da safe TLC zai gaya maka inda aka kwana. Ka yi amfani da hekzen da etil asitet, kashi 7 da 3. Gishirin lusin yana zama a layin farawa kuma yana yin shuɗi-shuɗi ko shunayya da ninhaidirin nan da nan. Abin da ka haɗa yana haurawa sama, yana bayyana dishi-dishi a fitilar UV saboda zoben fenilalanin, kuma ba ya amsa ninhaidirin sai an gasa farantin sosai har Boc ya fita. In tabon ƙasa yana nan da ƙarfi bayan kwana, abin da za a fara zargi shi ne EDC ya mutu ko alkali bai isa ba.

Wankewa ita ce ladan duk wahalar kullewa. Feftayid mai kawuna biyu a kulle ba asid ba ne ba alkali ba ne, don haka yana zama a etil asitet, sauran tarkacen kuma kowanne yana da ruwan da zai ɗauke shi. Ka janye DCM, ka narkar da ragowar a etil asitet mililita 60, ka zuba a mazurarin rabawa. Ruwan asid sitirik na kashi 10 cikin 100, sau biyu, zai kwashe DIPEA da yuriyar EDC da lusin da bai haɗu ba. Ba a amfani da asid mai ƙarfi a nan saboda Boc. Cikakken ruwan NaHCO₃, sau biyu, zai kwashe HOBt da ragowar Boc-Phe-OH, kuma a riƙa buɗe famfo ana sakin iska. Sai ruwan gishiri, a busar da Na₂SO₄, a janye. Nauyin mol na Boc-Phe-Leu-OMe 392.5 ne, don haka iyakar abin da milimol 5 zai bayar giram 1.96 ne. In ka auna 1.65 ka samu kashi 84 cikin 100, kuma wannan aiki ne mai kyau. A NMR za ka nemi dogon layin haidurojin tara na Boc a wajen 1.4 da na haidurojin uku na OMe a wajen 3.7.

Cire Boc, da tarkon gaɓa ta biyu

Ka ɗauki giram 1.57, milimol 4 ke nan, ka narkar a DCM mililita 8, ka sanyaya, ka zuba TFA mililita 8. Za ka ga ƙananan kumfa suna tashi, CO₂ ne, saboda haka ba a toshe kwalbar. TFA yana ƙona fata da gaske, safar hannu da tabarau dole ne. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya tabon sama zai ɓace a TLC, wani ya bayyana a ƙasa mai amsa ninhaidirin nan take. A janye ruwan, a ƙara tolwin a sake janyewa sau biyu ko uku don ya tafi da ragowar TFA. Wanda ya tsallake wannan zai tarar da asid ɗin da ya rage ya cinye alkalin mataki na gaba.

Yanzu kana riƙe da H-Phe-Leu-OMe a matsayin gishirin TFA, kuma nan ne wuri mafi haɗari a wannan hanya. Muddin amin yana ɗauke da furoton, lafiya lau. Da zarar an sake shi da alkali, in bai tarar da zaburarren asid yana jiransa ba, zai juya ya kai wa estar da ke ɗaya kan nasa hari. Nisan ya yi daidai da zobe mai kusurwa shida, metanol ya fice, a samu dayketofiferazin, wanda ake taƙaitawa da DKP. Alamarsa farin gari ne da ya ƙi narkewa a kusan komai, ba ya amsa ninhaidirin, kuma layin OMe ya ɓace a NMR. Ba ya komawa. Feftayid mai gaɓa biyu ne kaɗai ke da wannan rauni sosai, kuma ya fi muni in akwai furolin ko gilaisin a ciki. Namu ba shi da su, amma esta ta metil ƙarama ce, ba ta tare hanya.

Maganin yana cikin jerin zubawa. A wata kwalba dabam, ka fara zaburar da Boc-Gly-OH giram 0.77 da HOBt·H₂O giram 0.67 da EDC·HCl giram 0.84 a kan ƙanƙara, kamar yadda aka yi a baya. Bayan minti goma sha biyar sai ka zuba gishirin feftayid narkakke a DCM kaɗan. Alkali shi ne na ƙarshen shiga, ɗigo-ɗigo, kana gwada takardar pH har 8. Ka fara da mililita 0.7, ka ƙara in akwai buƙata, don ragowar TFA ba a san yawansa ba sai an gwada. Kada ka wanke gishirin da NaHCO₃ ka ajiye sakakken amin zuwa gobe. Wankewa bayan haɗi iri ɗaya ce da ta farko. Nauyin mol na Boc-Gly-Phe-Leu-OMe 449.5 ne, iyakar abin da za a samu giram 1.80.

Buɗe kawuna biyu

Esta ake fara cirewa, Boc ya biyo baya. Dalilin na aiki ne. Boc-Gly-Phe-Leu-OH asid ne da za a iya janyowa cikin etil asitet a bar gishirin litiyam a ruwa. In aka fara cire Boc, feftayid ɗin ƙarshe zai kasance mai caji biyu, ya maƙale a ruwa tare da gishiri, kuma fitar da shi sai an sha wuya.

Ka narkar da estar a THF da ruwa, kashi 3 da 1, a kan ƙanƙara, ka zuba LiOH·H₂O awo ɗaya da rabi, wato miligiram 63 ga kowane milimol. Ka riƙa duba TLC duk rabin awa, kuma da zarar estar ta ƙare ka tsayar. Alkalin da ya daɗe ko ya yi ɗumi yana iya juya lusin zuwa D, kuma abin takaici ne a kiyaye siffa a haɗi biyu a zo a ɓata ta a nan. A janye THF, a saukar da pH zuwa 2 ko 3 da KHSO₄, a janyo da etil asitet. Daga nan TFA da DCM kamar da, a janye, a zuba dayetil ita mai sanyi, farin gishirin feftayid ya sauka. Nauyin mol na H-Gly-Phe-Leu-OH 335.4 ne, kuma na'urar auna nauyin ƙwayoyi za ta nuna shi a wajen 336. Sai dai wannan na'ura ba ta bambanta L da D. HPLC ne zai nuna ƙaramin tsauni na biyu kusa da babba in an samu juyewa, a NMR kuma wasu layukan sukan fito biyu-biyu.

Inda aka yarda a karya dokar

Wanda yake so ya kai ga cikakken enkefalin yana iya ci gaba ɗaya bayan ɗaya: wani Boc-Gly-OH, sannan tairosin. Amma akwai gajeriyar hanya, a gina gutsure biyu dabam a haɗa su a tsakiya, kuma inda za a yanka shi ne abin dubawa. In aka yanka tsakanin fenilalanin da lusin, an koma tarkon okzazolon, don za a zaburar da feftayid mai ƙarewa da fenilalanin. In aka yanka tsakanin gilaisin na biyu da fenilalanin, gutsuren hagu yana ƙarewa da gilaisin, wanda kabon alfa ɗinsa ke ɗauke da haidurojin biyu, ba shi da L ba shi da D. Zoben yana iya naɗuwa, amma babu siffar da zai juya. Furolin ma wurin yanka ne mai kyau, don naitirojin ɗinsa ba shi da haidurojin da zai bayar zoben ya daidaita.

Don haka gutsuren hagu zai zama Boc-Tyr(tBu)-Gly-Gly-OH, na dama kuma gishirin H-Phe-Leu-OMe da muka riga muka yi. Kariyar tBu a kan reshen tairosin tana faɗuwa da asid tare da Boc, amma a nan ba laifi, tunda tairosin ne gaɓar da ake ɗorawa a ƙarshe kuma babu TFA da zai sake taɓa shi sai na rufe aiki. Wurin da za a sa ido shi ne lokacin gina gutsuren hagu, domin H-Gly-Gly-OMe yana naɗewa ya zama DKP da sauri fiye da namu, don haka zaburarren tairosin dole ya riga alkali shiga kwalba.